Yadda nake tallar zoɓona ba tare da na ce yana warkarwa ba

Shekara shida ke nan ina haɗa zoɓo da citta da kanumfari a ɗan kamfanina a Kano, mu biyar ne har da ni. A Dawanau nake saro busasshen zoɓon, mu tsince shi, mu wanke, mu dafa, mu tace sau biyu kafin a ɗura a roba. Wannan duk na iya tun a gidanmu. Abin da ya ba ni wuya shi ne kalmomin da za mu rubuta a kan tallar.

Tallarmu ta farko irin ta masu mota da lasifika ce a bakin kasuwa: "Maganin hawan jini da ciwon suga, yana wanke ciki, yana korar basir da sanyi." Ta kawo ciniki kuwa. Sai ranar nan wani dattijo da ke sayen katan duk mako ya ce min, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka, tun da na fara shan naki na ajiye ƙwayoyin asibiti." Gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, don Allah ka koma kan maganinka yau, ka je a gwada jininka. Wannan abin sha ne." A daren na goge tallar daga ko'ina.

Abin da ya sa ƙaryar take da saurin shiga shi ne tana da ɗan ƙamshin gaskiya. An yi bincike da ya nuna shayin zoɓo na iya ɗan sassauta hawan jini, amma raguwar kaɗan ce, kuma an yi gwajin ne da ma'auni, na tsawon makonni. Ba wanda ya gwada robata. Ga shi kuma akwai sukari a ciki, to da wane baki zan ce wa mai ciwon suga magani ne? Ita kanta lambar NAFDAC da ke jikin robar, rajistar abin sha ce, ba shaidar warkarwa ba. Hukumar tana son ganin talla kafin a sake ta, haka ma ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da dokar 2022 ta kafa, kuma tallar da ake yi ta waya ma tana ciki.

Da na zauna sake rubutu, sai na fara da cire sunan kowace cuta. Bayan nan na bi aikatau ɗaya bayan ɗaya: "yana warkarwa", "yana magance", "yana kare ka daga". "Yana wanke ciki" ita ta fi yi min wuyar rabuwa, don mutanenmu suna son jin ta, amma da na tambayi kaina me yake wankewa, kuma ta yaya zan nuna, ban sami amsa ba. Akwai kuma ƙofar baya da da yawa suke bi, wato su sa muryar wata ta ce ta sha ta warke. Alƙawarin dai naka ne, bakin wani kawai ka ara. Ita ma na rufe ta.

Me ya rage? Abin da mai saye zai tabbatar da harshensa da idonsa. Ga tallar da muka yi amfani da ita a azumin da ya wuce:

"An kira magariba, maƙogwaro ya bushe. Ga zoɓo ja wur, mai sanyi, da yajin citta da ƙamshin kanumfari. Zoɓo, citta, kanumfari, ruwa, sukari: kayan haɗinsa ke nan, ba kala, ba ƙari. Akwai marar sukari ga mai so. Duba ranar da aka yi shi a jikin robar."

Kowace jimla a nan zan iya tsayawa a kanta. Jumlar farko tana kama mutum a lokacin da ya fi bukatar abin sha, ba ta tsorata shi da ciwo ba. Lissafa kayan haɗi yana sayo amana, domin uwar gida ta san su duka, tana da su a kicin. "Marar sukari" kuwa gaskiya ce game da abin da ke cikin robar; da na ƙara "domin masu ciwon suga", da na koma gidan jiya.

Ciniki ya ja baya a makonnin farko, masu neman magani suka koma wajen masu alƙawari. Waɗanda suka maye gurbinsu masu biki ne da masu shaguna da iyaye masu saya wa yara, kuma su suna dawowa. Har yanzu akan tambayi yaran shagona ko yana maganin hawan jini. Amsar da na koya musu ita ce: "A'a, Hajiya, abin sha ne. In kina shan magani ko kina da juna biyu, ki tambayi likita tukuna. Ga ɗan kofi ki ɗanɗana."