Zaren audugar da ban ɗauka ba

Jiya na miƙa makullin ɗakin duba fata bayan shekara 7. Ina kwashe kayana na ci karo da kwafin katin wani saurayi da na duba a shekarata ta farko, na ajiye katin ba don ina son tunawa da shi ba.

Shekarunsa 19 lokacin da ya zo da tabo guda a bayan damtsensa na dama. Bai kai tafin hannu ba, ya ɗan fi sauran fatar haske, a bushe. Na duba na ce kyasbi ne. Na ma taɓa wurin da yatsa, idonsa a buɗe yana kallon hannuna, na ce, "Ƙanena, kana ji?" Ya ce, "Ina ji, Anti." Na rubuta masa man shafawa, na kira na gaba.

Ya faɗa mini abu biyu da ban saurara ba. Ya ce tabon ba ya ƙaiƙayi, kuma ko ya haɗa gumi wurin ba ya jiƙa. Ashe kuturta ce, ƙwayar cutar kuturta kuwa jijiya take bi. Ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin tabon su ne ke kawo ji, su ne kuma ke sa gumi, shi ya sa wurin ke bushewa, gashinsa ya zube. Jin zafi da sanyi ke fara tafiya, sannan jin taɓi mara nauyi. Dannawar yatsa kuwa takan daɗe ana jinta, don naman da ke ƙasa lafiyarsa lau. Wato gwajin da na yi, mai kuturta ma zai ci shi.

Bayan wata 14 mahaifiyarsa ta kawo shi da ƙuna a ƙaramin yatsa, ya ce bai san lokacin da ya ƙone ba, sai ganin ƙurjin ya yi. Ƙaramin yatsan da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa. Na laluba bayan gwiwar hannunsa, ga jijiyar nan ta yi kauri kamar igiya. A ranar na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na murza auduga ta yi tsini, na fara nuna masa a lafiyayyar fata idonsa a buɗe, ina taɓawa ba shafawa ba, yana nuna wurin da yatsa. Sannan ya rufe ido. A wajen tabon bai kuskure ko sau ɗaya ba. A tsakiyarsa na taɓa sau biyar, yana zaune yana jiran in fara.

Da na yi wannan a zuwansa na farko, maganin wata 6 ne, hannunsa kuma lafiya. Yanzu da jijiya ta taɓu sai wata 12 na rifamfisin da dafson da kilofazimin. Maganin kyauta ne, ya kuma kashe ƙwayar. Amma jijiyar da ta wuce wata 6 da lalacewa da wuya ta dawo, ko an ba da firednisolon, maganin rage kumburin jijiya. Tasa ba ta dawo ba. Na koya masa duba hannun kowace yamma, da jiƙa shi a ruwa ya shafa mai, don kuturta ba ta yanke yatsa da kanta. Ƙuna da rauni ne da ba a ji ba, a ci gaba da aiki da hannun, miki ya ruɓe har ya ci ƙashi.

Mahaifiyar ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi, "'Yata, haka Allah Ya so." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Shugabanmu ne ya ɗaga katin a taron safe, ya karanta sunana gaban kowa. Laifina ne, ban musa ba. Abin da bai karanta ba shi ne yaron ya dawo a wata na huɗu da tabon yana nan, shugaban da kansa ya gan shi, ya sake rubuta man nan ya sa hannu. Kuma shi ne mai leƙowa yana buga ƙofa in ka wuce minti uku da mutum ɗaya.

Sauran abubuwan a hankali na koye su. Tabon fuska yakan ruɗi gwajin auduga, don jijiyoyin fuska suna da yawa. Mai tabo da yawa, masu sheƙi a ɓangarorin jiki biyu, zai iya jin audugar sarai alhali ƙwayar ta cika masa jiki, wannan sai an ɗan kankaro fata an nemi ƙwayar a ɗakin gwaji. Tafin hannu da na ƙafa da bakin biro ake gwada su. A kuma sa mutum ya cire riga a wuri mai haske, don tabon da ke baya mai shi ba ya ganinsa.

Yarinyar da za ta gaje ni ta tambaye ni me ya sa aljihun teburin ya cika da auduga. Na ce mata ko an buga ƙofa, ta gama gwajin tukuna.