Yadda kwana ɗaya ya ci mini kuɗin wata guda

Ina da shagon buga takardu da kwafi a Zariya, kuma rabin aikinmu da intanet ake yin sa. Shekara biyu muna tare da wani kamfani da ya kafa mana eriya a saman rufi, muna biyan naira 85,000 duk wata. Da damina ta yi nisa sai sabis ɗin ya lalace, yau akwai gobe babu. A tsakiyar Satumba na tura wa yaron kamfanin, wanda ke kula da mu, saƙo a WhatsApp cewa daga ƙarshen wata mun daina. Ya amsa da cewa, "Ba matsala, Hajiya, zan gaya wa oga." Ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar ɗaya ga Oktoba sai ga alat, an cire kuɗin wata daga asusun shago. Na kira yaron, ya ce zai duba. Haka muka yi ta jeka ka dawo har wata ya kusa ƙarewa, kafin na tono takardar kwangilar daga ƙasan durowa na kai wa ƙanen maigidana, wanda lauya ne. Bai fara daga shafin farko ba, can baya ya buɗe. Ya ce, "Anti, ai har yau ba ki ba su notis ba. Hira kawai kika yi da yaronsu."

Sashe uku ya nuna mini. Sashe na 9.2 ya ce bayan wata goma sha biyun farko, kowane ɓangare na iya fita idan ya ba da notis na kwana 30 a rubuce, kuma kwangilar za ta ƙare ne a ƙarshen watan da kwana 30 ɗin suka cika a cikinsa. Sashe na 12 ya ce eriya da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, na kamfani ne, a mayar cikin kwana bakwai ko a biya kuɗinsu. Sai sashe na 15, wanda ban taɓa ko kallonsa ba. Shi ne ya faɗi inda ake aika notis: ko takarda a kai ofis hannu da hannu, ko imel zuwa wani adireshi guda da aka rubuta a wurin. Ba adireshin da ke turo mana rasit ba ne, ba kuma lambar yaron ba. A ƙasansa da ƙananan haruffa aka ce imel ana ɗaukar ya isa ne a ranar aiki ta gaba bayan an aika shi.

Wannan layin ne ya kayar da ni. Ranar Juma'a ce, 31 ga Oktoba, muke zaune da takardar. Duk saurin da zan yi, imel ɗina ranar Litinin 3 ga Nuwamba za a ce ya isa. Ba a lissafa ranar isar, don haka kwana 30 za su cika 3 ga Disamba, kuma tunda sun taka Disamba, sai 31 ga wata kwangilar za ta ƙare. Da a ce ranar Alhamis na aika, da ya isa Juma'a 31 ga Oktoba, kwana 30 su cika daidai 30 ga Nuwamba, in fita ban biya Disamba ba. Na ƙirga da yatsa a kan kalandar bango har sau uku, ko Allah zai sa lissafin ya canza.

Na ce masa to ai su ne ba su cika alkawari ba, me zai sa in jira? Ya nuna mini sashe na 10, mai maganar saɓa yarjejeniya. Kafin ka fita ta wannan ƙofa sai ka rubuta musu ƙorafi, ka ba su kwana 14 su gyara, su kasa. Ni kuwa duk ƙorafina a waya na yi shi, ko lambar ƙorafi ɗaya ban taɓa karɓa ba. Ya ce idan na jingina da sashe na 10 ba hujja a hannu, za su iya cewa notis ɗin bai inganta ba, mu koma farko. Ko layin 622 na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na kira, za a tambaye ni lambar ƙorafin da na fara kai wa kamfanin. Ƙofar 9.2 kuwa ba ta neman dalili, don haka ba abin da za a yi musu a kansa.

Abin da na fara rubutawa ya kai shafi guda, cike da labarin ranakun da aka bar ni da kwastomomi a tsaye. Ya goge shi kakaf. Da Turanci muka rubuta sabon, tunda da shi aka yi kwangilar, amma ga abin da ya ƙunsa. A kan saƙon muka sa: notis na kawo ƙarshen kwangila, sunan shago, lambar asusunmu a wurinsu. A ciki kuma:

"Bisa sashe na 9.2 na yarjejeniyar da ke tsakaninmu, wannan notis ne na kwana 30 na kawo ƙarshenta. Bisa sashe na 15, notis ɗin zai isa ranar 3 ga Nuwamba, kuma yarjejeniyar za ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Ku tabbatar mana da wannan rana a rubuce, ku turo lissafin ƙarshe, ku daina cire kuɗi bayan na Disamba, ku kuma sa ranar da za ku karɓi kayanku bisa sashe na 12."

Na so in sa "muna so mu daina", ya hana. Ya ce wannan roƙo ne, mai karantawa zai iya ɗaukarsa a matsayin buɗe ciniki, ya kira ni da tayin ragi alhali kwanaki na tafiya. Muka haɗa hoton shafin da muka sa hannu, muka aika daga imel ɗin shago da ke rubuce a kwangilar, ba nawa na kaina ba, muka sa yaron a Cc don kada ya ce bai sani ba. Na jira minti goma in ga ko saƙon zai dawo, bai dawo ba. Na shiga Sent na adana shi a PDF, da rana da lokaci a jikinsa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da irin wannan a kotu idan an cika sharuɗɗansa, ko da yake ban yi fatan a kai can ba.

Kwana huɗu shiru. Ranar Laraba na sake turawa a ƙarƙashin saƙon farko, ban buɗe sabo ba, don kada a ce daga nan lissafi ya fara. Na kuma buga kwafi biyu na kai ofishinsu, sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kan nawa. Washegari amsa ta zo, sun amince da 31 ga Disamba. Na roƙi a yafe mini Disamba saboda saƙon Satumba, aka ba ni haƙuri cikin ladabi, aka ce sashe na 15.

Ban soke umarnin cire kuɗi a banki ba sai da na Disamba ya fita, don kada a ce ni ce na riƙe musu bashi. Ranar da suka zo kwance eriya na sa mai ɗaukar kayan ya rubuta lambar jikin rautar a takarda ya sa hannu. Ya yi ta dariya, yana cewa Hajiya yau kin zama lauya. Kwangilar sabon kamfanin da muka koma tana neman kwana 60, kuma imel kaɗai ba ya isa sai da takarda. Na rubuta ranar ba da notis a kalandar bango, na ja ta baya da mako guda.