Kafin ki ja maganin kunnen yaro a sirinji, karanta jikin kwalbar

Ƙannena mata da kuka fara reno, har da ku mazan dake taya matanku ba yara magani, akwai abin da nake so ku riƙe akan maganin ruwa na antibayotik da ake rubutawa yaro idan kunnensa na ciwo. Adadin mil ɗin da aka ce ki bashi ya dogara akan abu biyu, nauyin yaron da kuma ƙarfin maganin dake cikin wannan kwalbar da ke hannunki. Ɗaya ya canza toh mil ɗin ma dole ya canza. Ni a nan na taɓa yin kuskure shi yasa zan daɗe a kai.

Maganin da aka fi farawa da shi a ciwon kunnen ciki na yara shine amoksisilin, in dai yaron jikinsa baya ƙin dangin fenisilin. Likitoci da yawa suna lissafa miligiram 80 zuwa 90 akan kowane kilo ɗaya na nauyin yaro a rana guda, sai a raba shi gida biyu, safe da dare. Wasu likitocin suna bin wani tsarin daban mai ƙasa da haka ko sau uku a rana, don haka abin da likitan yaronki ya rubuta shi za ki bi, lissafin da zan yi don ki gane daga ina lambar ta fito ne, ba don ki rubutawa kanki magani ba.

Mu ɗauki yaro mai kilo 10. Idan aka yi masa akan miligiram 80, a rana zai sha 800 kenan, 400 da safe 400 da dare. Toh amma sirinji ai bata san miligiram ba, mil take aunawa, kuma a nan ne rubutun jikin kwalba yake shigowa. Idan an rubuta 250mg/5ml, ma'anarsa kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 50, sai ki raba 400 da 50, ya baki mil 8. Idan kwalbar 125mg/5ml ce, kowane mil miligiram 25 ne kacal a ciki, yaron nan dai mil 16 zai sha kafin ya samu 400 ɗinsa. Idan kuwa 400mg/5ml ce mil 5 ya gama. Yaro ɗaya, magani ɗaya, amma 5 da 8 da 16 duk daidai ne, ya danganta da kwalbar.

Abin da ya same ni shine kwalbar farko ta ƙare ana tsakiyar magani, aka kawo min wata, sunan maganin iri ɗaya, kalar ruwan ma kusan ɗaya, na cigaba da jan mil ɗin da na saba ban duba ba ashe ta farkon 250 ce wannan kuma 125. Rabin magani na dinga ba ɗana ina ganin ina cika umarni, sai da zazzaɓi ya dawo ya koma jan kunne yana kukan dare muka koma asibiti, mai haɗa magani ya karɓi kwalbar ya duba sannan muka gane. Da abin ya juya ne, ta farko mai rauni ta biyu mai ƙarfi, da ninki biyu zan dinga bashi. Don Allah duk sabuwar kwalba ki karanta waɗannan lambobin tun kina gaban wanda ya baki, ki ce masa, malam wannan ƙarfin mil nawa zan bayar, ya rubuta miki a jikin kwalin.

Kuma ƙarewar kwalba a tsakiya ba abin mamaki bane, za ki iya lissafa shi tun ranar farko. Mil 8 sau biyu mil 16 ne a rana, yara 'yan ƙasa da shekara biyu sau da yawa kwana 10 ake rubuta musu, mil 160 kenan, kwalba mai mil 100 a rana ta bakwai za ta ƙare. Wannan lissafin yana kama kuskure ma, in kika ga ranar da kika lissafa za ta ƙare ta wuce kwalbar farko bata ƙare ba toh akwai inda aka rage, ko an tsallake wasu lokutan ko awon bai cika ba.

Nauyin kuma a ɗora yaro akan sikeli ranar, kar ki faɗi na watannin baya da kika tuna, kar kuma a ƙiyasta da shekaru, yara biyu sa'anni za su iya bambanta da kilo biyu ko uku. Maganin yayansa da ya rage ko awon da aka taɓa yiwa ɗan wata, ki manta da su.

Sai abin awo. Cokalin kicin ki ajiye shi, girmansu ba ɗaya bane, wani ya ɗebi ƙasa da mil 5 wani ya wuce, ga yaro yana fizge-fizge rabi ya zube a riga. Ɗan kofin dake zuwa a kan murfi ya fi cokali amma layukansa basu da yawa, mil 8 sai dai ki yi hasashe tsakanin 5 da 10. Sirinjin baki mara allura ita ce daidai, ki nemi mai mil 10. Ki girgiza kwalbar sosai kowane lokaci saboda garin maganin kwanciya yake a ƙasa, in baki girgiza ba na sama tsararo ne na ƙasa kuma ya yi kauri. Ki ja, ki ɗaga sirinjin saitin idonki, in akwai kumfar iska ki mayar ki sake ja, sannan ki karanta layin a bakin abin turawar, gefen da yake taɓa maganin. Yaro a zaune ko a jingine a jikinki, ba a kwance ba, ki sa bakin sirinjin ta gefen kumatu ki dinga turawa kaɗan kaɗan yana haɗiya. Kar ki watsa masa cikin maƙogwaro zai ƙware. Kar kuma ki juye a cikin fida cike da madara, in bai shanye ba baki san nawa ya shiga ba.

Idan gari aka baki ke za ki haɗa, ruwan da kika zuba shi yake yanke ƙarfin maganin. Ki bubbuga kwalbar garin ya saki, ki zuba ruwan da aka tafasa ya huce kamar rabi, ki girgiza, ki bari kumfa ta kwanta sannan ki cika zuwa kan layin daidai. Kika wuce layi kin tsinka shi, lambar jikin kwalbar ta daina zama gaskiya. Ki rubuta ranar da kika haɗa, ki ajiye yadda takardar ta ce, yawanci a firij, wasu kwana 7 suke yi wasu 14 daga nan sai zubarwa.

Abu ɗaya da zan ja kunnenku akai, akwai amoksisilin da aka haɗa da wani sinadari mai suna kilabulanet, wanda za ki ga lambobin miligiram biyu a jikinsa. Wannan kar ki ɗauki lissafin sama ki ɗora masa da kanki, ƙara mil yana ƙara kilabulanet ɗin shi kuma gudawa yake sawa.

Kin manta lokaci ɗaya, ki bayar da kin tuna, in kuma lokacin na gaba ya kusa ki tsallake, ba'a haɗa biyu. Yayi amai bayan sha ki tambayi likita ko mai haɗa magani kafin ki maimaita, ki faɗa musu minti nawa tsakanin sha da aman. Ana sa ran sauƙi cikin awa 48 zuwa 72, in babu ki koma asibiti da kwalbar da sirinjin duka a duba awon tare da ke. Kumburi a bayan kunne, ko ƙuraje masu tashi da kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi da ƙyar, waɗannan ba'a jira da su, ki tsayar da maganin in ƙurajen ne ko numfashi, ku tafi asibiti a take.