Jera magana da cusa Hausa cikin balan-balan ɗin labarin zane

Shafin da na fi shan wuya a kansa hoto ne da wani ƙanena ya ɗauko da waya a Birnin Kebbi, daga littafin labarin zane irin na Japan da aka riga aka mayar Turanci. Shafi biyu ne a buɗe cikin hoto ɗaya. Na fara daga hagu kamar yadda hannu ya saba, na fassara balan-balan ɗin magana goma sha ɗaya, sai na tarar yaro yana ba da amsa tun kafin ubansa ya tambaye shi.

Littattafan labarin zane na Japan daga dama ake karanta su zuwa hagu, kamar ajami, kuma galibin masu mayar da su Turanci suna barin zanen yadda yake. Haruffan boko ne, amma jerin gidajen zanen na allo ne. Na Faransawa da ke shigowa ta Kamba daga Nijar kuwa daga hagu suke farawa. Yanzu kafin in taɓa kalma ko ɗaya, lambar shafi nake dubawa. In ƙaramar lamba tana dama, to littafin daga dama yake. Shi ya sa nake roƙon mai ɗaukar hoto kada ya yanke gindin shafi, ya kuma danne littafin ya kwanta, don balan-balan ɗin da ke kusa da ɗinki yakan lanƙwashe har ya yi kama da siriri alhali ba haka yake ba.

Daga nan sai in sa wa kowane balan-balan lamba a kan kwafin hoton, 1, 2, 3, in rubuta fassarar a wata takarda daban da lambobin. Cikin gida ɗaya, na sama ta dama ake fara karantawa, a gangaro hagu da ƙasa. Inda rikici yake shi ne in na hagu ya fi na dama tsawo a sama. Nan sai in bi wutsiyar kowane in ga bakin wa take nunawa, in duba ko akwai wuyan da ya haɗa biyu, don masu haɗe maganar mutum ɗaya ce a jere. In duk wannan bai raba gardama ba, sai in karanta da ƙarfi ta hanyoyin biyu. Kunne ba ya yarda da amsar da ta riga tambaya.

Matsalar wuri ta fi wannan cin rai. A irin waɗannan littattafai Japananci daga sama zuwa ƙasa ake rubuta shi, don haka balan-balan ɗinsu dogo ne siriri, mu kuwa a kwance muke rubutu. Na auna wanda yaron ke magana a ciki: da girman rubutun da ido ke iya karantawa a fuskar waya ba tare da an buɗa hoton ba, layi huɗu yake ɗauka, na tsakiya harafi bakwai-bakwai, na sama da na ƙasa ba su kai haka ba saboda gefen da ya zagaye. Abin da na fara rubutawa shi ne “Ranka ya daɗe, wallahi ban san inda ya tafi ba”, harafi 46 har da tazara. Ko kusa bai shiga ba. Na rage girman rubutu, ya shiga, amma da na tura ta WhatsApp aka matse hoton, ƙugiyar ɗ ta narke ta koma d.

Sai na koma kan maganar kanta. Ɗa ne da ubansa, “Baba” ta ɗauke ladabin duka. Rantsuwar kuma fuskar yaron a zanen ta riga ta yi ta. “Tafi” ta koma “je”. Aka samu harafi 27:

Baba,
ban san
inda ya
je ba.

Abin da ban yarda a taɓa ba shi ne “ba” ta ƙarshe. Ita ce ke fara faɗa wa mai neman wuri a ido, harafi biyu ne kawai, amma in ta fita jimlar ta gurgunce. Haka in magana ta rabu balan-balan biyu, ba na barin “ba” ita kaɗai a na biyun. Sai in sake gina jimlar ta yadda kowanne zai tsaya da ƙafarsa, abin mamakin ya faɗo a na ƙarshe, inda mai zanen ya ajiye shi.

Doguwar kalma irin “makarantarmu” in dole ne a raba ta, a kan gaɓa ake yanka, makaran-tarmu, kuma ba a raba sh, ts ko ƙw. Sau ɗaya a shafi ya isa.

Sai nau'in rubutu. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi don labarin zane ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, sai akwati ya fito a madadinsu. Andika da Noto Sans suna da su. Kafin in fara shafi nakan buga “Ƙaura, ɓarawo, Ɗanjuma” in gani da idona, sannan in bar tazarar kamar faɗin harafi ɗaya tsakanin rubutu da bangon balan-balan ta kowane gefe, don kada ƙugiyar Ƙ ta taɓa layin zanen.