Buhu 40 da aka ce an ɗaure

A watan Janairu na karɓi aikin kula da wani sito a kasuwar Dawanau, bayan wanda ke wurin ya koma garinsu. Ya bar mini littafi. A shafin Nuwamba ya rubuta: farin wake, buhu 40, an zuba, an ɗaure. Na ƙirga, sun cika, bakin kowanne a ɗaure tamau. Na sa hannu.

Buhunan irin masu leda biyu a ciki ne, da buhun saƙa a waje. Ba a sa wa waken magani, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Shi ya sa ɗaurin uku ne: a matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan na waje. Ɗaurin waje, wanda shi kaɗai ido ke gani, ba ya tare iska ko kaɗan.

Wata rana da hantsi, a ƙarshen Fabrairu, na jingina da tarin ina cin rogo, sai na ji ɗumi a bayana, alhali bangon da sanyinsa. Na kara kunne. Wani ƙas-ƙas nake ji ƙasa-ƙasa, kamar ana taka busasshen ganye daga nesa. Na kwance igiyar, sai ga ledojin an cusa bakinsu ciki kawai, babu ko zare. Na ɗebo wake: ƙwaya ɗaya huda uku, ga fararen ƙwai manne a jiki, ga gari a tafin hannuna.

Na kira maigidan. Ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, da ka sa hannu, me ka gani?"

Na ce, "Igiya na gani, Alhaji."

Muka sauke duka. 27 lafiya lau, ɗauri uku cif. 13 na saman tarin ne aka bari. Ashe magariba ce ta riski leburorin ranar, suka ɗaure na waje don kada wake ya zube, da niyyar su ƙarasa da safe. Da safe motar masara ta iso. Mai littafi kuma ya riga ya rubuta.

Muka tankaɗe waken, muka shanya shi a rana kan tamfol, aka sayar da shi da araha ga masu ƙosai. Abin da ya fi ci mini rai, duba buhu ɗaya ba ya cin minti guda, kuma kwance na waje ba ya shigar da iska in dai ledojin a ɗaure suke.

Yanzu layi uku na ja a littafin, kowane ɗauri da gurbinsa. Leburori suna ce mini Malam Kwance-mu-gani, ni kuwa ina amsawa.