Talata: saƙon da aka turo wa ƙanina

Bayan la'asar ƙanina ya shigo ko sallamar kirki babu, ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, karanta ki gaya mini ko da sauran magana."

Yarinyar da yake nema ce ta rubuto a WhatsApp. Ta ce Abbanta ya ba ta zuwa kafin azumi ta fito da miji, shi kuma ya ce ba zai turo ba sai ya gama gininsa, don haka gara kowa ya kama gabansa. Ta rufe da cewa har abada ba za ta manta alherinsa ba, Allah ya ba shi wadda ta fi ta, a ci gaba da zumunci.

Shi wannan ƙarshen ya riƙe, yana ta maimaita "har abada". Na ce ajiye shi gefe. Addu'a da neman yafiya da zancen zumunci ladabi ne, 'yar mutunci ba ta sallamar mutum babu su. Da za ta auri wani gobe ma haka za ta rubuta.

Wa'adin Abba kuwa ba ya motsi. Uba ya furta, ƙila a gaban 'yan'uwansa, ba kuma ita ke da ikon janyewa ba. Duk daren da zai ɓata yana roƙonta ta ƙara masa lokaci, roƙon wadda ba ta da abin bayarwa yake yi.

Inda na daɗe shi ne zancen gini, don sharaɗin nasa ne, shi ya gindaya shi da bakinsa. Ba ta ce ta daina sonsa ba. Ba ta ce an karɓi kuɗin gaisuwar wani ba, wanda da ta faɗa sai in ce ya haƙura, tunda addini ya hana nema cikin nema. Ba ta kuma tambayi ta hannun wa za ta mayar da wayar da ya saya mata ba, alhali mai yankewa da gaske takan fara da kaya. Ciki da falo na haya na iya warware abin da ta rubuta.

Sai dai na gargaɗe shi, wani lokaci dalili mai sauƙi mayafi ne. Gwajin guda ne: ka cire dalilin ka gani. Idan ta kawo sabo, yau istihara, gobe Umma ba ta so, to amsar a'a ce tun farko, kunya ta hana ta faɗa.

Ya so ya tura dogon saƙon murya, na hana. Layi ɗaya muka rubuta: "In na kama haya, Kawu ya zo wurin Abba ranar Asabar?"

Bayan isha'i ta amsa: "Bari in tambayi Umma." Ya ce in fassara masa wannan ma. Na ce ban iya ba tukuna, amma gobe da safe ya je ya sami Kawu, ya kuma fara tambayar dillalai kuɗin haya.