Daga "Aikina Ne" Zuwa "Ga Abin da Na Canza"

Yawancin takardun neman aiki da abokan aiki ke kawo mini in duba musu, matsalarsu ɗaya ce: mutum ya kwafo jerin ayyukan da aka ɗora masa ranar da aka ɗauke shi, ya zuba. Mai kula da sito zai rubuta: "Karɓar kaya, fitar da kaya, ƙidayar kaya a ƙarshen wata." Babu ƙarya a ciki. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe wannan aiki, mai ƙwazo da malalaci, abin da zai rubuta ke nan, mai ɗaukar ma'aikata kuwa ba shi da yadda zai bambanta su.

Abin da na koya shi ne a tsare kowane layi da tambayoyi biyu: yaya na tarar da abin, yaya kuma na bar shi? A ce mai siton nan ya tarar ana kwashe kwana 3 ana ƙidaya, kuma kowane wata sai an sami kaya kusan iri 40 da abin da ke cikin rajista bai yi daidai da na kan kanta ba. Shi ne ya sa wa kowace kanta lamba, ya koma ƙidaya kaɗan-kaɗan duk mako. Ƙidayar wata ta dawo yini 1, saɓanin ya sauka zuwa 10. To, layinsa sai ya zama: "Na fito da tsarin ƙidayar mako-mako da lambar kanta, wanda ya rage saɓanin rajista daga kaya iri 40 zuwa 10 a wata, ya kuma mayar da ƙidayar kwana 3 ta yini 1." Ga aikin da ya yi, ga hanyar da ya bi, ga sakamako. Ni na fi son "daga 40 zuwa 10" a kan "kashi 75 cikin 100", domin mai karatu yana ganin inda aka taso.

Alƙaluman ba daga ka ake fito da su ba. Suna cikin rajista, rahoton wata da saƙonnin shugaba, shi ya sa ya kamata a rubuta su tun ana kan aikin. Idan babu ma'aunin kafin da bayan, a faɗi girman aikin: rassa nawa ake kai wa kaya, sababbin ma'aikata nawa aka koyar. Idan kuma aikin na mutum biyar ne, a rubuta "tare da abokan aiki", a fito da ɓangaren da ka riƙe.

Kafin a tura takardar, a ba wani ya ɗauki layi ɗaya ya tambaya: "Ta yaya ka san 40 ne?" Irin tambayar da za a yi a intabiyu ke nan. Layin da aka kasa ba da amsarsa nan take, a gyara adadin ko a cire shi.